Amsa kan layin da ke fitowa a gefen hoto bayan an cire baya

"Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Na cire bayan hoton amarya zan ɗora a katin gayyata mai duhu, sai ga wani farin layi ya zagaye gashinta da gefen mayafi. Kuma akwai farin tambari da aka turo min, shi kuma baƙi-baƙi yake yi a gefe in na ɗora shi kan fari. Meye matsalar?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abin nan biyu da ka gani tushensu ɗaya, na daɗe ina aikin fosta da katin biki kuma kusan kullum sai an kawo min irinsa, bari in maka bayani a tsanake.

Fiksel ɗin da ke bakin gashi ba gashi ne zalla ba. Silin gashi siriri ne, bai cika fiksel ba, to kyamara sai ta haɗa kalar gashin da kalar bangon da ke bayansa ta zuba a gurbi ɗaya. Kai da ka zo ka goge baya, abin da ka taɓa shine alfa kawai, wato lambar da ke faɗin yadda fiksel ya kai wajen rufe abin da ke ƙasansa, 1 ya rufe ruf, 0 babu shi kwata-kwata. Kalar da aka riga aka cakuɗa tana nan yadda take, kamar shayin da madara ta shiga, ko ka rage shi a kofi madarar na ciki.

Mu saka lamba ka gani, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 255 fari fat. A ce gashin 40 ne, bangon da aka ɗauke ta 240, kuma a wani fiksel rabi gashi rabi bango. Abin da ke cikin hoton 140 kenan. Ka cire baya, fiksel ɗin ya samu alfa 0.5 amma kalarsa har yanzu 140. Yanzu ka ɗora kan katinka mai duhu, a ce 20. Manhaja za ta yi wannan lissafin:

```
out = F*a + B*(1-a)
```

out kalar da za ta fito, F kalar fiksel ɗinka, B sabon baya, a kuma alfa. Rabin 140 da rabin 20 ya ba da 80. Alhali da gashin ne tsantsa a wurin, rabin 40 da rabin 20 ne, 30 kenan. To duba fa, 80 ya fi gashin haske, ya fi katin haske, shi yasa ido ke kama shi a matsayin layi. Da a kan farin kati ka ɗora ba za ka taɓa lura ba, shi yasa mutum zai ce ai jiya lafiya lau yake.

Maganin shine a zare kason tsohon bangon sannan a raba da alfa. Kason bangon rabin 240 ne, 120, ka cire daga 140 saura 20, ka raba da 0.5 ka dawo 40 cif. A Photoshop wannan aikin ne Layer > Matting > Remove White Matte ke yi, amma yana ɗauka cewa bangon fari ne tas, in bangon situdiyo ne mai toka-toka ko labule mai kala ba zai wanke duka ba. Nan ni Decontaminate Colors nake amfani da shi a cikin Select and Mask, yana jawo kalar da ke can cikin gashin ya shafa a gefen. Defringe ma yana yi, amma kar ka wuce fiksel 1 ko 2, in ka ƙara yana dagula silin gashi da leshin mayafi.

Sai tambarin, nan ne maganar Premultiplied ta shigo. Hanya biyu ake ajiye fiksel mai rabin alfa. Ta farko Straight, kalar na nan cikakkiya, farin gefe 255, alfa 0.5 kuma daban. Ta biyu Premultiplied, an riga an ninka kalar da alfa tun kafin a ajiye, sai ka tarar da 128 da alfa 0.5. In ka lura wannan 128 ɗin daidai yake da a ce an ɗauki farin abu a gaban baƙin bango, rabin 255 da rabin sifili. Wato irin abin da ya samu gashin amarya ne, sai dai nan da gangan aka yi, kuma da yake baƙi sifili ne bai ƙara komai a kalar ba, lissafin ɗorawa sai ya zo da sauƙi:

```
out = F + B*(1-a)
```

Thomas Porter da Tom Duff ne suka shimfiɗa wannan lissafi a 1984, har gobe shi masu haɗa bidiyo ke bi.

Dukkan hanyoyin biyu daidai suke, rikicin yana zuwa ne in an ajiye da ɗaya aka karanta da ɗayar. Tambarinka an ninka shi sau ɗaya ya zama 128, manhajarka ta ɗauka Straight ne ta sake ninkawa da 0.5 ya koma 64, ta ƙara rabin farin katin 128, ya tashi 192. Fari kan fari kamata yayi ya ba da 255, to 192 ɗin nan shine tokar da kake gani. In aka yi akasin haka, fayil Straight aka karanta shi a matsayin Premultiplied, ba za a ninka ba sam, 255 ɗin zai hau kan rabin baya gaba ɗayansa, gefen ya yi haske ya yi kauri da kaushi.

PNG a ƙa'idarsa Straight ne, EXR kuma, wato fayil ɗin hoto na masu haɗa bidiyo, an saba ajiye shi Premultiplied. Saboda haka in wanda ya turo maka ya fitar da tambarin daga manhajar bidiyo ya cusa shi a PNG da baƙin a jikinsa, kowace manhaja ka buɗe za ta nuna duhun. Remove Black Matte zai gyara, don raba kalar da alfa kawai yake yi, 128 ta koma fari. A After Effects ma ba sai ka taɓa hoton ba, ka shiga Interpret Footage ka sauya Alpha zuwa Premultiplied - Matted With Color ka zaɓi baƙi.

Akwai kuma wanda ke faruwa wajen rage girma, wannan yana ba mutane wahala don fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Wurin da alfa yake 0 ma akwai kala a ɓoye, yawanci baƙi. Manhajar da ta rage hoto ba tare da ta ninka da alfa ba tukuna, za ta haɗa farin 255 da ɓoyayyen 0 na maƙwabcinsa ta samu 128, alfa ma 0.5, ta ajiye a matsayin Straight, shikenan toka ta fito. Alamarsa ita ce a cikakken girma gefen tsaf yake, sai ka ƙanƙanta shi layin ke bayyana.

Yadda nake gwadawa kafin in kai wajen bugawa, ina saka leya uku a ƙasa, baƙi, fari, da ja mai ƙarfi, in zuƙo hoton zuwa 400% in kunna su ɗaya bayan ɗaya. Layin da ya ɓace a kan fari ya fito a kan baƙi, ragowar farin bango ne. Wanda ya ɓace a kan baƙi ya fito a kan fari, ko an ninka sau biyu ko tsohon bayan mai duhu ne.

Abu ɗaya da za ka kiyaye, rabawa da alfa tana da iyaka. Inda alfa ya yi ƙasa sosai kamar 0.02, kuskuren lamba 2 kacal in aka raba zai zama 100, sai ka ga ɗige-ɗige masu kala a bakin gashi, musamman in hoton JPEG ne da aka matse a waya. A irin wannan ni gara in ɗan ja Shift Edge na Select and Mask ciki kaɗan in yar da waɗancan fiksel ɗin, kuma ka nemi mai hoto ya turo maka asalin fayil ɗin ba wanda ya zaga guruf ba.