Likita ya amsa: Jesi a wurin walda, hijabi gaban kasko, da silifas a gareji

Tambaya: Likita ina wuni. Ni mai walda ne a Mabera, wanga zafi na Sakkwato ba ya bari in sa kaya masu nauyi, jesin ƙwallo nike sawa in yi aiki. Shekaranjiya tartsatsi ya huda ta ya ƙone ni a ciki. Wace riga ta dace?

Sannu malam, Allah ƙara sauƙi. Amma gaskiya jesin nan ka ajiye ta don kallon ƙwallo, kar ta sake shiga shago. Yawancin jesi da foliyesta ake yin su, wato ɗanyen leda ne aka mayar zare, kuma yana narkewa tun zafi bai wuce digiri 260 ba, alhali ƙarfen da kake narkarwa sai ya kai wajen digiri 1,500. In tartsatsi ya sauka kan auduga mai kauri sai ya bar ɗan baƙin tabo ya mutu, in kuma kan jesi ya sauka sai ta narke ta manne da fata ta ci gaba da dafa naman, shi ya sa ƙunar take zurfi duk da ramin da ke jikin rigar ɗan mitsitsi ne. Na taɓa karɓar wani yaron shago da rigarsa ta kama a kafaɗa, ledar ta daskare baƙi ƙirin cikin ciwon, sai da muka yi ta tsintar ta da ɗan hantsaki kaɗan kaɗan yana kuka, ga shi mutanen shagon sun riga sun fasa mishi ɗanyen ƙwai a kai.

Abin da za ka nema auduga ce zalla mai kauri, irin kaki ko jins, mai dogon hannu, ka ɓalla maɓalli har wuya. Dogon hannun ba don tartsatsi kaɗai ba ne, hasken waldar lantarki ma yana ƙona fata, irin yadda yake sa idon mutum ya kwana yana ruwa kamar an zuba mishi yashi. In gwanjo za ka saya ka yi gwaji, ka zaro ɗan zare daga cikin ɗinki ka kunna mishi ashana can nesa da tarin kayan. Auduga tana warin takarda in ta ƙone, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. Mai leda kuwa zai ƙanƙance ya dunƙule kamar ƙwallon dutsen ado, ga warin roba. Singiletin ciki ma haka, kar ka sa kaki a sama leda a ƙasa.

Kar dai ka ɗauka auduga ba ta cin wuta, tana ci, narkewa ce kawai ba ta yi. Akwai kayan aiki da ake jiƙa audugarsu da magani don wuta ta mutu da kanta, in ka samu irinsu kar a wanke da bilic don yana cinye maganin. Wanda ya fi sauƙin samu a nan shi ne walki na fata, irin wanda maƙera suka sani tun kaka da kakanni. Dukawa muna da su a gari, ka ce a yanka maka daga ƙirji har ƙasan gwiwa, kuma fatar saniya mai kauri, jar akuyarmu ta yi laushi da yawa ga wannan aiki. Bayan walki a buɗe yake, iska na shiga, don haka batun zafi da sauƙi. Sannan kar ka naɗe ƙafar wando, nan tartsatsi ke faɗawa ya zauna yana ci ba ka sani ba, kuma laita kar ta kwana aljihunka lokacin aiki.

Tambaya: Likita ni ina tuyar ƙosai da awara a Runjin Sambo. Efron ɗin leda na saya saboda mai na ɓata min zane, kuma da hijabi nike aiki. Akwai matsala?

Hajiya matsalar hijabin ta ma fi ta efron ɗin. Dogon hijabi mai santsi ɗin nan kusan duk na roba ne, kin sunkuya ki gyara itace ko ki rage gas sai bakinsa ya leƙa wuta, kuma wuta sama take bi, wato wuya da fuska. Ba cewa na yi ki bar lulluɓi ba. Ki ɗinka ƙarami na auduga wanda ya tsaya a ƙirji, ki tura bakinsa cikin efron ki ɗaure, babban kuma ki rataye sai an tashi. Atamfar ma a yi mata gwajin zaren da na faɗa a sama, don masu arahar yanzu da yawa akwai haɗin leda.

Efron na leda na mai wanke-wanke ne da mai gyaran kifi ko nama, inda ruwa ne damuwa. Man da kike tuya da shi yana kai wajen digiri 180, ya ninka tafasasshen ruwa kusan sau biyu, ledar da ta taɓa bakin kasko narkewa za ta yi. Ki samu yadi mai kauri na auduga a ninka shi biyu, ya sauka ƙasan gwiwa tunda a zaune kike tuya kuma cinya ce ke fuskantar kasko. A yi ɗaurin zarge wanda ja ɗaya zai kwance, saboda in mai ya zubo yadin zai sha shi ya riƙe zafin a jikinki, dole ki iya yar da shi nan take. Ki yi biyu kina wankewa, wanda ya sha mai ya zama lagwani.

In tsautsayi ya faru, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za a yi ta kwararawa minti 20, banda ƙanƙara, banda ƙwai, man goge baki, gishiri ko baƙin mai. Yadin da ya manne kar a fizge shi, a yanke na gefe a bar sauran. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannu, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wadda ta yi fari ba ta ma zafi, asibiti za a nufa, masu tsanani a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tambaya: Bakanike ne ni, shekarata 52, ina da ciwon suga. Silifas nike sawa a gareji don but na dafa min ƙafa. Dole ne sai na sa?

Baba, a wurinka dole ne. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin jin zafi na ƙafa, sai ka taka ƙusa ko guntun ƙarfe ka wuni ba ka ji ba, kuma ciwon mai suga ba ya saurin warkewa, da yawan ƙafafun da ake yankewa daga ɗan huji suka fara. Ka nemi sau ciki na fata mai ƙarfe a baki, na ƙwarai an yi shi ya jure kamar nauyin kilo 20 da ya faɗo daga tsayin mita 1, ƙasansa kuma roba mai zane wadda mai ba ya cinyewa. Kambas na yadi yana shan fetur da baƙin mai, ba shi da amfani a nan. Da yamma za ka gwada takalmin lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safa ta auduga, ya zama yatsu na motsi ba sa gugar ƙarfen. Tunda kana cirewa kowace sallah ƙafar na shan iska, ka dai tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ka zazzage takalmin kafin ka mayar, da dare kuma ka duba tafin ƙafa da fitila.

Rigar aikin ma kar ka bari ta yi ƙirin da baƙin mai, tana saurin kama wuta kuma man na jawo ƙuraje da ƙaiƙayi, kuma a daina wanke ta ko hannu da fetur, omo da ruwan ɗumi sun isa. In ƙusa ta taɓa hudaka ka zo a duba ranar, a ga ko kana buƙatar allurar titanos.