Alhaji yace tallar tayi tauri, na sassauta yace ta zama wasa

"Salam Malam. Ina rubuta tallar rediyo a nan Jos. Wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda wajen Taminus ya bani aikin tallar sallah ta sakan 30 akan dubu 25. Ta farko na buɗe da 'Muna farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma cewa sabbin kaya sun iso', yace kamar sanarwar gwamnati. Na koma na rubuta 'Ke 'yar gayu tsaya nan! Kaya sun sauka, kar a baki labari', yace shi ba sa'an yara bane na maida masa shago wajen wasa. Sau biyu ina biyan situdiyo dubu biyar-biyar daga kuɗin aikin. Dan Allah ya zanyi?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, kar ka sake taka ƙofar situdiyo sai Alhaji yaji rubutun da kunnensa yace eh. Dubu goma ta riga ta tafi, in ka sake shiga ta uku dubu goma ce kawai zata rage maka cikin 25 ɗin, ga kuɗin keke ga lokacinka. Wayarka ta isa, ka karanta da bakinka ka tura masa saƙon murya ta WhatsApp. Kuma kar ka tura a rubuce, talla abin ji ne, mutum zai karanta takarda yace tayi, ranar da yaji ta a rediyo yace ba haka yake nufi ba.

Toh yanzu ga inda matsalar take. Da yace tayi tauri, kai sai ka ɗauka duka rubutun ne bai yi ba, ka watsar ka sake sabo tun daga tushe. Ka canza wanda ake yiwa magana, ka canza kalmomi, ka canza tsawon jimla, kila har da yadda mai muryar ya karanta, duk a tashi ɗaya. Shi yasa ka tsallake daga wannan bango zuwa wancan, kuma yanzu ko kai baka san wanne daga cikin canjin ne ya ɓata masa rai ba. Alhali in ka duba ta farkon da kyau ciwonta ɗaya ne babba: ba kowa take yiwa magana ba. "Ɗaukacin al'umma" ba mutum bane, ba wanda zai ji wannan yana cikin keke a Bauchi Rod yace dani ake. Ga kuma "muna farin cikin sanar da", kalma biyar sun wuce ba a ambaci atamfa ba.

Ta biyun kuma ta gyara wannan ciwon amma ta wuce gona da iri a wuri ɗaya, wato "ke". Ka tuna waye ke shiga shagon nan da kuɗi a jaka. Uwar gida ce da zata ɗinka wa yara biyar, ko mai haɗa lefe, ko uwar amarya da tazo cire anko turmi talatin. Irin waɗannan Alhaji da kansa tashi yake ya basu kujera yace a kawo ruwa, sai kuma suji an kira su "ke 'yar gayu tsaya nan" da sunan shagonsa. Gaskiya ina bayan Alhaji a nan, ba rigima yake ba, mutuncin da ya shekara yana ginawa yake karewa.

Don haka ta ukun ka koma kan ta farko, ka taɓa abu biyu kawai, ka sa mata mutumin da ake yiwa magana da "ku" na girmamawa, ka cire doguwar shimfiɗar. Kamar haka:

"Hajiya barka da warhaka, an fara shirin sallah? To sabbin atamfofi da shadda da leshi sun iso shagonmu da ke Taminus. Ku zo ku gani da idonku, ku taɓa da hannunku, farashi kuma sai mun daidaita. Kar a ba ku labari."

Kaga "kar a ba ku labari" daga ta biyun na ɗauko, layin bashi da laifi, "ki" ɗin ne kawai ya koma "ku". Tambayar da ke farko ita ta kawo sakin jiki, gaisuwar kuma ta riƙe mutunci. Sannan ba kalmar da 'yar Birom ko Angas ko Ibo da ta iya Hausar kasuwa zata tsaya tana tunanin ma'anarta, wannan kuwa a Jos ba ƙaramin abu bane, don masu sayen atamfa a Taminus ba Hausawa kaɗai bane, Hausar jarida mai nauyi tana korar wasu tun kafin a zo kan kaya.

In zaka tura, tura kala biyu da suka bambanta a abu ɗaya tak, misali ɗaya da tambayar farkon ɗaya babu ita, kace Alhaji wacce tafi kama da shagonka. Zaɓi tsakanin biyu yafi masa sauƙi akan ya bayyana abin da ke ransa. In kuma yace har yanzu da saura, kar ka karɓi "bata yi ba" ka tafi, ka sake karanto masa layi layi kace ya tsayar da kai a inda kunnensa ya ƙi. Sau da yawa kalma ɗaya ce. Na taɓa yin zagaye uku da wani mai kayan gini akan wai rubutu yayi tauri, ashe rubutun lafiyarsa ƙalau, yaron da ya karanta ne yake jan murya kamar mai labaran duniya, muka canza mai karatu ba mu taɓa ko harafi ba ya karɓa. Kuma ka tambaye shi cikin ladabi ko akwai wanda yake sawa yaji, don in ɗansa ne yace tayi tauri, abokinsa na masallaci yace tayi wasa, to kunne biyu kake yiwa aiki, gara ku zauna tare sau ɗaya.

In kana da hali ma je ka zauna a shagon na minti ashirin kaji yadda yake tarbar kwastoma, abin da yake faɗa in mace ta ɗaga turmi tana juyawa. Wannan muryar yake nema a rediyo ko da bai iya faɗa maka ba.

Ka lura da agogo, sakan 30 kalma 70 ne ko ƙasa da haka in ana so a ji komai, kuma lambar waya mai lamba 11 tana cin lokaci sosai. Gaisuwa in ta yi yawa kwatancen shago ne zai matse, shi kuwa ba a taɓa shi.

Maganar kuɗi, wannan karon ba zaka caje shi gyaran baya ba tunda baku yi haka da shi ba tun farko. Amma yau ɗin nan kafin ka tura saƙon ka faɗa masa, Alhaji duk gyaran da za a yi mu gama shi a waya, in ka amince na shiga situdiyo to canjin da ya biyo baya kuɗin rikodin ɗin naka ne. Aiki na gaba kuma tun wajen ciniki ka faɗa, rabin kuɗi kafin a fara, gyara sau biyu yana cikin farashi, na uku da kuɗinsa, ka rubuta masa a WhatsApp ya amsa da "na yarda" ka ajiye.