Ƙwai na ɓaci kafin ya ƙare, ina mafita?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na fara sana'ar ƙwai a Mabera, kiret biyar nake sarowa. Ina wanke masu datti, in an kawo wuta in sa a firiji, amma kafin mako ya zagayo sai a fara dawo mini da ruɓaɓɓu. Me nake yi ba daidai ba?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ni ba ma'aikaciyar gona ba ce, amma na yi shekaru ina taya gwaggona zaman rumfa a Tsohuwar Kasuwa, kuma a gabana ta tafka asarar da har yau ba ta son a tuna mata.

A bazarar 2023 ne, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya. Ƙwai ya taru a gidajen gona babu masu saye, farashi ya faɗi. Wani dillali ya zo wa Gwaggo da tayin da ba ta taɓa ji ba, ta kwashe kuɗin adashinta ta sari kiret 20, ƙwai 600 ke nan. A lissafinta kiret uku take sayarwa a wuni, mako guda sun ƙare. Abin da ba ta saka a lissafi ba shi ne azumi ya kama a ƙarshen watan Maris, masu shayin da ke ɗaukar mata da safe duk sun koma sai bayan magariba, ciniki ya dawo kiret ɗaya da ƙyar. Ga rumfar kwano, ga ranar Sakkwato da ke haura digiri 40 da azahar. Kiret ɗin sama in kin ɗora hannu kamar an sauko da shi daga kan murhu.

Kwana na tara wani mai shayi ya dawo da guda shida a leda, ransa a ɓace, ya ce a gaban kwastoma ya fasa ɗaya wari ya kori kowa daga benci. Gwaggo ta biya shi, ta ce mu zauna mu tantance. Ranar mun zubar da sama da kiret huɗu.

Akwai wani dattijo mai kawo ƙwan zabi daga ƙauye da damina, Baba muke ce masa. Ya tarar da mu cikin wannan aiki, ya tsaya yana kallo, sai ya ce, "Hajiya, mi kinka yi ma ƙwan nan?" Ta ce ba ta yi masa komai ba sai alheri, masu kashin kaji ma sai da ta wanke su tas da ruwan randa. Ya ce to nan kika kashe su.

Bayanin da ya yi, wanda daga baya wani malamin dabbobi ya tabbatar mana, shi ne ɓawon ƙwai ba rufaffe ba ne kamar kwalba. Yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Sa'ad da kaza ta nasa shi, yana fitowa da wani siririn shafi da ke bushewa nan take ya toshe ƙofofin. Ruwa na wanke wannan shafi. Ruwan sanyi ya fi muni, domin abin da ke cikin ƙwai mai ɗumi yana tsukewa in ya ji sanyi, sai ya zuƙo ruwan dattin ciki. Da muka duba, yawancin waɗanda suka ruɓe har suka yi baƙi daga cikin wankakkun suke. Mai datti a goge shi da busasshen tsumma, in ya ƙi fita a ware shi a fara sayar da shi.

Firiji kuwa, inda wuta ke tsayawa dare da rana babu abin da ya kai shi. Amma a wutarmu ta a kawo a ɗauke, ƙwai ya yi sanyi, ya dawo ya yi ɗumi, sai ki ga ya yi gumi a jiki. Gumin nan aikin wankin yake yi. Ko a ce wuta ba ta ɗaukewa, ranar da kika fito da shi kan tebur zai yi gumin. Na sayarwa a bar shi inda iska ke ratsawa a inuwa, na ci a gida a sa a firiji.

Sai dai akwai ƙwai da yawa da ba a wanke ba, ba su yi wari ba, amma in an fasa farin ya tsinke kamar ruwa, gwaiduwar ta baje. Baba ya ce waɗannan sun tsufa tun kafin su zo hannunta. Ya karɓi wayata, ya kunna tocila, ya shiga lungu mai duhu ya ɗora gefen ƙwan mai faɗi a kan hasken. A can akwai ɗan gurbin iska. A sabon ƙwai ƙarami ne ƙwarai, kullum kuma ruwan ciki na fita ta ƙofofin nan gurbin na girma, zafi na ƙara masa sauri. Na Gwaggo gurbin ya yi faɗi sosai. Wato arhar da dillali ya yi mata, kwanakin da ƙwan ya yi jibge a gona ya sayar mata. Ba ta tambayi ranar da aka kwashe shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Gwajin kwano da ruwa wannan gurbin yake aunawa: sabo ya nutse ya kwanta, mai kwanaki ya tsaya da ƙafa, tsoho ya taso sama. Amma kada ki tsoma duka kiret, kin koma gidan jiya. Ki ɗauki biyu ko uku daga kiret daban-daban, waɗanda kika jiƙa kuma a soya su a ranar. Ni na fi son tocila don ba ta jiƙa komai, tana kuma nuna tsagewar da ido ba ya kamawa. Tsagagge guda in ya tsiyaye a kiret ɗin takarda, maƙwabtansa ma sun shiga uku.

Yanzu Gwaggo daga Maris zuwa saukar ruwa ba ta ɗaukar abin da ya wuce cinikin kwana uku ko huɗu, ko kyauta ake rabawa. Da hunturu tana kai mako har da ɗoriya ba fargaba. Da sassafe ake kawo mata, ba ta yarda ɗan kabu-kabu ya yi ta yawo da shi a rana. Kiret ɗaya kawai ke kan tebur, sauran suna ƙasa a kan katako can ƙurya, nesa da jikin kwanon. Kowane kiret ta rubuta masa rana da gawayi, na jiya ya riga na yau fita. Tsinin ƙwai yana kallon ƙasa, don gurbin iskar ya zauna a sama, gwaiduwa ta tsaya a tsakiya.

Ta gwada shafa mai ma. Ɗan mai marar wari a tafin hannu, a murza a kan busasshen ƙwai mai tsabta, yana toshe ƙofofin, kuma gaskiya yana ƙara kwanaki. Sai dai a kan sabon ƙwai yake amfani, ba ya mayar da tsoho yaro. Ta bari ne saboda masu saye suna ganin ƙyallin su ce an yi masa wani abu, kiret kuma ya jiƙe da maiƙo.

Ban sani ba ko kina haɗawa da ƙwan kajin gida. In kina yi, wannan lissafinsa daban. Kajin gona ba zakara a cikinsu, na gida da na zabi kuwa yawanci da zakara. Ɗumin da kaza ke ba ƙwai in tana kwanci bai wuce digiri 38 ba, rumfar kwano a watan Afrilu ta kai haka ta wuce. Ɗan tsako sai ya fara kamawa, ya mutu, ya zama baragurbi. A tocila za ki ga zoben jini ko jijiyoyi ja. Irin wannan Gwaggo ba ta bari ya wuce kwana biyu a hannunta.

Ke dai a sarin da za ki yi gaba ki rage zuwa kiret biyu, ki haska guda biyar a gaban mai kawowa kafin ki miƙa kuɗi.