Yadda ake soya ƙwai farin ya nuna, gwaiduwa ta tsaya ruwa-ruwa

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni amarya ce a unguwar Birni, yanzu nake koyon girki. Maigidana yana son soyayyen ƙwai wanda zai dangwali gwaiduwarsa da burodi. In na soya, ko dai ƙasan ya ƙone saman yana yauƙi, ko in jira farin ya nuna gwaiduwar ta bushe. Ina nake kuskure?

Amsa: Ƴata, wutarki ce ta yi yawa, kuma ba ki rufe kaskon. Mu a Damagaram idonmu ya saba da hannun mai shayi: ya kaɗa ƙwai da albasa, ya zuba a mai mai zafi, ya ce cuuu, ya juya ya kwashe. Wannan suya ta kaɗaɗɗen ƙwai ce, tana son wuta. Wadda kike nema kuwa lallashi take so.

Farin ƙwai yana fara daskarewa a zafin da ya kai digiri 62 zuwa 65, gwaiduwa kuma daga 65 zuwa 70. Tazarar kaɗan ce ƙwarai. Ga shi zafin kasko daga ƙasa kawai yake zuwa. In kin fasa ƙwai ki duba da kyau, za ki ga farin kashi biyu ne: mai tsinkewa da ke bazuwa gefe, da mai kauri da ya yi tudu kewaye da gwaiduwa. Wannan mai kaurin shi ne yake ba ki wahala, don kafin zafi ya hau samansa ƙasan ya riga ya ƙone. Maganinsa a kawo masa zafi ta sama, wato tururi.

Ki ɗora kasko a kan gas ki rage wutar ƙasa sosai. In gawayi ne, bari harshen wuta ya mutu, ki baza garwashin, ki ɗebe rabi. Zuba man gyaɗa babban cokali ɗaya don ƙwai biyu, ki ba shi kamar minti ɗaya. Kada ya yi hayaƙi. In ya yi, sauke kaskon ya huce. Ki fasa ƙwan a ƙaramin kofi tukuna, sannan ki kai bakin kofin dab da man ki tsiyaye shi a hankali. Daga nan kunne ne zai gaya miki gaskiya. Ƙara ƴar kaɗan, sii-sii, ita ake so. In kika ji yana fashe-fashe, farin yana kumbura ƙwal-ƙwal, gefen yana yin ja nan take, wuta ta yi yawa.

Bar shi haka, kada ki taɓa, kamar minti ɗaya, har gefen ya yi fari sol, tsakiyar kuma tana nan garai-garai. Sai ki zuba ruwa ƙaramin cokali ɗaya a gefen kaskon, nesa da ƙwan, ki rufe da murfin tukunya ko farantin ƙarfe. Bayan minti ɗaya ki ɗaga ki duba. Girgiza kaskon kaɗan: in gwaiduwa kaɗai ke rawa, farin da ke kewaye da ita ya tsaya cak, ya yi. In farin ma yana motsi, mayar da murfin na rabin minti. Da kin ga wata farar yana ta fara rufe gwaiduwar, ki kwashe maza, don ta kama hanyar bushewa. Kuma kada ki bar shi cikin kaskon bayan kin kashe wuta, ƙarfen yana riƙe da zafi. Gishiri sai a faranti.

Akwai abin da ba laifin hannunki ba ne. Zafin bazararmu, musamman watannin Afrilu da Mayu, yana saurin tsufar da ƙwai. Wanda ya kwana biyu a teburin mai shago farinsa yakan tsinke kamar ruwa, fatar gwaiduwarsa ta yi rauni, kina zubawa ta fashe. In kin sayo a Kasuwar Dole, gwada shi a kwanon ruwa: sabo yana nutsewa ya kwanta, tsoho yana miƙewa tsaye, wanda ya taso sama kuwa ki zubar. Da damina, lokacin ƙwan zabi, ki rage lokacin rufin, don ya fi na kaza ƙanƙanta. Ɓawonsa kuma yana da tauri, ki buga shi a hankali kada ki huda gwaiduwar.

Ki sani kuma, gwaiduwa ruwa-ruwa ba ta kai zafin da ke kashe duk ƙwayoyin cuta ba. Maigida lafiyayye zai iya ci in ƙwan sabo ne, ɓawonsa bai tsage ba. Amma in Allah ya ba ki juna biyu, ko za ki ba ƙaramin yaro, tsohuwa ko marar lafiya, ki bar murfin har gwaiduwar ta daskare gaba ɗaya.