Amsa: Me ya sa miyelin ke ƙara wa saƙon jijiya gudu?

"Ina ajin ƙarshe na sakandare a Katsina. Ta yaya saƙo ke bin jijiya, kuma ina ruwan miyelin da saurinsa?"

Ɗalibi, ka cire tunanin wayar lantarki tukuna. Saƙon ba wucewa yake yi ta cikin akson, wato dogon zaren ƙwayar jijiya, ba, sake haifar sa ake yi a kowane taki. Idan jijiya tana hutawa, cajin cikinta yana wajen -70 mV, wato milivolt. Da an taɓa ta ya hau zuwa wajen -55 mV, sai ƙofofin sodiyam da ke bangon akson su buɗe, sodiyam ya kwarara ciki har cajin ya kai wajen +30 mV. Wannan cajin ya malala gaba ya buɗe ƙofofin maƙwabta, fotasiyam kuma ya fita ya maido da wurin yadda yake. Baya kuwa ba ya komawa, domin ƙofofin da suka gama aiki kan kulle na ɗan lokaci.

A akson tsirara, wanda ba shi da miyelin, sai an yi wannan a ko'ina, ga caji yana yoyo ta bango kamar tiyo mai huji, shi ya sa gudun bai cika wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Miyelin kitse ne da ke naɗe akson ya toshe yoyon, sai 'yan giɓi da ake kira mahaɗar Ranvier, tsakanin kowace da ta gaba wajen milimita 1, inda ƙofofin sodiyam suka taru. Nan kaɗai ake sabunta saƙon, cajin kuwa ya zarce da sauri daga mahaɗa zuwa mahaɗa. A manyan jijiyoyi gudun yakan kai mita 120 a daƙiƙa.

In cuta ta cinye miyelin, cajin yakan zurare kafin mahaɗa ta gaba, saƙo ya makara ko ya tsaya, mutum ya ji ƙafa ta yi sanyi ko rauni.