Amsar Kawu kan rufin ɗakin Mai Wurno, ƙasar Sudan

"Kawu, ɗakin da nake rufewa a Mai Wurno mai gangare ɗaya ne, tsawon rafta mita 4.6. Na sayo kwano geji 28 mai ƙafa takwas daga Sinnar. Kafinta ya ce zai jera katakon kwance mita-mita don kada katako ya yi yawa. In bar shi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka bar shi, ka tsayar da shi yau ɗin nan kafin ya buga ƙusa ko ɗaya. Ɗauko biro ka bi ni a hankali.

Falle mai ƙafa takwas santimita 244 ne, kenan falle biyu za su rufe maka gangaren, na sama ya hau kan na ƙasa. To wurin da suka haɗun nan shi ne rayuwar rufin, kuma dole ya zauna daram a kan katako. Na ƙasa ka bar shi ya leƙo santi 6 daga tsakiyar katakon farko, don ruwa ya sauka bai lashi katako ba. Zai ƙare a 238. Na sama ya hau shi da santi 20, wato ya fara daga 218. Tsakiyar haɗin ta faɗo a 228, ka ji ko? Nan za a kafa katako tukuna, sauran su biyo shi. Raba 228 gida uku, ka samu 76. Sai a jera: bakin ƙasa, 76, 152, 228, 304, 380, 456. Katako bakwai ke nan.

Yanzu dubi nasa lissafin. Katako a 200, wani a 300, haɗin kuwa yana tsakanin 218 da 238, a iska, babu abin da ke ƙarƙashinsa. Ina za a buga ƙusar? Ranar da habub, wato iskar ƙura mai ƙarfi, ya taso zai shiga tsakanin fallayen ya riƙa ɗaga na sama, ka ji rufi yana faf-faf cikin dare, ruwa kuma ya biyo ta baya ya ɗigo tsakiyar ɗaki. Kuɗin katako ɗaya ko biyu da za a rage bai kai wannan wahala ba wallahi. Kuma santi 20 ɗin kada a rage ko yatsa. Ɗakunanmu na nan gangarensu kwance yake, ruwa ba ya gudu, iska na iya tura shi sama. In ma gangarenka ya kwanta ƙwarai, ka nemi falle mafi tsawo a yi haɗin 25, a sake lissafi.

Haɗin gefe kuma tudu ɗaya da rabi, ba tudu ɗaya ba. Ka dubi bangon da ruwa ya fi duka a unguwarku lokacin damina, a fara jera kwano daga ɗaya ɓangaren ana tahowa, don bakin haɗin ya juya wa iska baya. A ja igiya a bakin ƙasa, fallen farko ya miƙe, domin in ya karkace duk sauran sun karkace.

Sai ƙusa. Mai hula, mai rufin zinki, da wosha ta roba, inci biyu da rabi zuwa uku, don ta wuce tudun ta shige katako kamar santi huɗu. A kan tudu ake bugawa, kada a buga cikin kwari inda ruwa ke gudu. A katakon bakin ƙasa, da na haɗi, da na can sama, ana buga tudu ɗaya a tsallake ɗaya, saboda nan iska ta fi cizo. A na tsakiya tudu na uku ya isa, amma kowane haɗin gefe sai ya samu tasa. Ka hau ka duba da idonka: in ka ga tudu ya lotsa kewaye da hular kamar ƙoƙo, an danne ta da yawa, ruwa zai kwanta a wurin. In guduma ta tafi fuu babu tauri, ƙusar ta kuskure katako, a zare ta a toshe ramin nan take.

Katakon kansa a ɗaure shi da rafta da waya mai kauri, rafta kuma a ɗaure ta da bango. Na ga rufi a Gadarif wanda iska ta kwashe gaba ɗaya ta ajiye a gidan maƙwabta, ƙusoshin kwanon na nan lafiya, katakon ne ba a ɗaure ba.

Masu alminiyon a gurup ɗin nan kuma, ku guji baƙar ƙusa, tana cin kwanon a bakin rami. Shi yana miƙewa da zafi ninki biyun na ƙarfe, falle mai mita uku kan motsa santi ɗaya bisa uku ko fiye tsakanin sanyin asuba da ranar azahar, don haka kada a matse ƙusa ƙam, kuma in siriri ne a dawo da tazarar katako wajen 60.

Ka turo mini hoton jerin katakon kafin a ɗora kwano, da awo a jiki.