Me ya sa benen ƙarfe yake rawa idan mutum ɗaya ya ratsa?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na yi bene a cikin shagona a Kantin Kwari, da bim na ƙarfe da siririn dakin a kai. Tsawon bim mita 7, faɗin benen mita 6, babu ginshiƙi a tsakiya. In an jibge dilolin atamfa ko gezau ba ya yi, amma da yarona ya ratsa sai shayin da ke kan tebur ya hau rawa. Mai walda ya ce a ƙara kankare. Faɗowa zai yi ne?

Amsa: Alhaji, rawar ita kaɗai ba alamar faɗowa ba ce. Iya ɗaukar kaya daban, rawa daban, kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne. Amma kada a zuba kankaren nan tukuna.

Idan za mu yi wa bene lissafin rawa, mukan mayar da shi nauyi guda ɗaya da ke zaune a kan sifirin guda ɗaya, wanda sama da ƙasa kawai yake iya motsi. Nauyin shi ne dakin da bim da kayan da ke kai, sifirin kuma taurin bim ne. In ka danna irin wannan abu ka saki, yana da adadin kaɗawar da yake yi a kowace daƙiƙa, kuma adadin nasa ne, ko da ƙarfi ka danna ko a hankali. Da Hz ake auna shi. Tauri yana ɗaga shi, nauyi yana sauke shi. Tunda su biyun ne kuma suke yanke yawan lotsawar bim, akwai gajeriyar hanya:

```
f = 18 / √d
```

A nan f shi ne adadin kaɗawa a daƙiƙa, d kuma ita ce lotsawar tsakiyar bim da milimita, a ƙarƙashin nauyin da yake ɗauke da shi kullum. Mu ɗauka naka yana lotsawa milimita 20. A tsawon mita 7 wannan bai saɓa ƙa'idar lotsawa da aka saba aiki da ita ba, duk wanda ya duba ƙarfi kaɗai zai ce lafiya lau. Amma 18 a raba da tushen 20 ya ba mu 4 Hz, wato kaɗawa huɗu a daƙiƙa.

To ga inda gizo ke saƙa. Mutum yana yin taku wajen biyu a daƙiƙa, daga 1.6 zuwa 2.2 gwargwadon saurinsa. Taku kuma ba lallausan dannawa ba ne: diddige ya buga, tafin ƙafa ya sauka, yatsu su tura. Saboda haka a cikin ƙarfin takun akwai kaso mai maimaituwa sau 2 a daƙiƙa, da wani sau 4, da sau 6, da sau 8, kowanne ya fi na gabansa rauni. Na biyun ya faɗa daidai kan 4 Hz na benenka. Kamar mai tura lilo ne: ba ƙarfi yake sawa ba, lokaci yake daidaitawa, kowace turawa ta hau kan ta baya. Dilar atamfa a zaune take, ba ta tura komai.

Abin da ke hana rawar ƙaruwa ba iyaka shi ne yadda benen yake shanye ta, ta hanyar gogayya a mahaɗar ƙarfe da jikin bango da kayan da ke kai. Tsuran ƙarfe mai walda shanyewarsa kusan kashi 1 ce cikin 100. Bene mai tebura da kantoci da silin yakan kai 2 zuwa 3, mai bangayen da suka raba ɗakuna har sama kuwa yakan kai 5. Lambobin ƙanana ne amma su ne komai, domin idan taku ya dace da bene, motsin yana ninkuwa da ɗaya a raba da ninki biyu na wannan kason. A kashi 2, ninki 25 ke nan.

Mu sa lambobi. Faɗin benen murabba'in mita 42 ne. In kowane murabba'i yana da kilo 300, jimla kilo 12,600. Rabinsa ake ƙirgawa, kilo 6,300, domin tsakiya ce ke motsi sosai, bakin bango kuwa a tsaye yake. Mutum mai kilo 70 nauyinsa wajen 700 N ne a ma'aunin ƙarfi na newton, kason taku na biyu kuma kusan ɗaya bisa biyar na wannan, wato 140 N. A lissafin da ke ƙasa, a ita ce ƙarfin rawar, F kason takun, ζ shanyewar, M kuma nauyin da aka ƙirga.

```
a = F / (2 × ζ × M) = 140 / (2 × 0.02 × 6300) = 0.56 m/s²
```

Ana raba wannan gida biyu, saboda yaron yakan ƙare ratsawa kafin rawar ta cika, kuma ba a tsakiya yake tsaye yana taku ba. Saura 0.28, kusan kashi 3 cikin 100 na fizgar ƙasa. Iyakar da littafin zane na AISC, cibiyar ginin ƙarfe ta Amurka, ya sa wa ofis da gidan zama rabin kashi ɗaya ce cikin 100. Ka wuce ta fiye da sau biyar. Duk da haka motsin kansa bai kai rabin milimita ba. Jikin ɗan Adam ne ya fi jin rawa tsakanin 4 zuwa 8 Hz, musamman ga wanda yake zaune.

Kana iya gwadawa da kanka. Ka sa manhajar auna girgiza a waya, ka kwantar da ita a tsakiyar benen. Mutum ɗaya ya ɗage a kan yatsunsa ya saki diddige da ƙarfi, sannan kowa ya tsaya cik. Ka ƙirga tuddan zanen da ke cikin daƙiƙa ɗaya, wannan shi ne f. Sai ka ƙirga tuddai nawa aka yi kafin tsayinsu ya koma rabi, ka raba 11 da adadin. In biyar ne ko shida, shanyewar kashi 2 ce.

Batun kankare kuwa, in aka ƙara rabin nauyin da ke kai ba tare da ya kama bim ya zama jiki ɗaya da shi ba, lotsawa za ta koma milimita 30, f ya sauko 3.3 Hz. Mai tafiya a hankali zai dace da shi, rawar ta ragu da kashi ɗaya bisa uku kawai, kuma ka ɗora wa walda tan shida da ba a yi lissafinsu ba. Kafet ma ƙarar taku yake kashewa, ba ya taɓa rawar. Ko ninka taurin bim ba ya kai mutum nesa, domin daga 4 zuwa 5.7 Hz zai kai ka, kusa da kason taku na uku.

Abin da ya fi aiki shi ne rage tsawo. A gitta bim mai kauri ƙarƙashin tsakiyar duka bim ɗin, a tokare shi da ginshiƙai masu nasu tushe a ƙasa, ba a kan tayil ba. Tsawo in ya koma rabi, f yana ninkuwa sau huɗu a takarda. A aikace ba zai kai 16 ba, tunda sabon bim ɗin ma yana ɗan lotsawa, amma da zarar an haura 10 Hz rawar kowane taku tana lafawa sosai kafin na gaba ya sauka. Na san ginshiƙi a tsakiyar shago yana cin wurin kaya, sai a ɓoye shi a cikin kanta.

Wannan lissafin na jin daɗin zama ne kawai. In ka ga tsaga a walda, ko tsatsa tana ɓarewa, ko bango ya tsage a inda bim ya zauna, ko lotsawa tana ƙaruwa daga wata zuwa wata, a sauke dilolin a ranar, a kira injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya auna kaurin bim da mahaɗansa kafin a mayar da ko ɗaya.